Bidiyon rigakafi don mutanen ƙauye: a ɗaura shi a kan ranar arba'in

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoto ne a nan Kaduna. An ba mu aikin haɗa gajeren bidiyo kan rigakafin yara, za a kai shi ƙauyuka inda yawancin mutane ba sa karatun boko. Na rubuta wani abu, amma da na karanta sai na ji kamar lacca nake yi. Yaya ake rubuta irin wannan, kuma me ya kamata a faɗa a ciki?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ke mai da rubutu irin wannan lacca shi ne son a faɗi komai a zama ɗaya: sunayen cututtuka, amfanin rigakafi, jadawali, gargaɗi, godiya ga hukuma. Kafin ka sake ɗaukar biro, ka zaɓi aiki guda ɗaya da kake so mai kallo ya tashi ya yi bayan ya gama kallo. In ka tambaye ni, wanda ya fi cancanta shi ne wannan: a kai jariri allurar sati shida, kuma a koma bayanta ko da ya yi zazzaɓi. Dalilina shi ne a nan ake yawan yin asarar yara daga layin rigakafi. Mutane da yawa ba ƙin allura suke yi baki ɗaya ba. Sun je sau ɗaya, yaro ya kwana yana kuka da zafin jiki, babu wanda ya gaya musu tun farko cewa hakan na iya faruwa, sai uwar miji ta ce ba za a sake ba. Bidiyon da ya warware wannan ƙulli ɗaya ya fi wanda ya jero cututtuka goma amfani.

Ka fara sanin jadawalin da kanka, duk da ba za ka karanto shi a bidiyon ba. A Najeriya ana yi wa jariri allurar BCG ta tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna da zarar an haife shi. Sai sati shida, sati goma, sati goma sha huɗu, inda ake ba da Fenta, wato allura guda mai kare cututtuka biyar da suka haɗa da mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora da ciwon hanta, tare da ta ciwon haƙarƙari da ɗigon shan inna da ɗigon gudawa. A wata tara ana yin ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, sannan a maimaita ta ƙyanda a wata goma sha biyar. Ana ƙara sababbin allurai lokaci zuwa lokaci, don haka kafin ka kunna kyamara ka kai rubutunka wurin jami'in rigakafi na ƙaramar hukumar da za a nuna bidiyon ya duba maka shi layi-layi. Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23, kuma ranar rigakafi a asibitin wannan mazaɓa ba lallai ta zo ɗaya da ta waccan ba.

Yanzu ga matsalar: macen da ba ta duba kalanda ba ta ƙirga sati shida. Amma babu gidan Bahaushe da ba a san ranar da mai jego za ta yi arba'in ba. Kakar yaro ta sani, maƙwabta sun sani, wanda ke sayen itacen wankan jego ya fi kowa sani. Sati shida kwana 42 ne, wato arba'in da kwana biyu. Wannan ita ce kalandarka, kuma ta riga ta zauna a kan kowa. Sai dai ka kula da kwana biyun nan, kada ka yar da su. Ba a fara Fenta kafin jariri ya cika sati shida, saboda haka in ka ce "ranar arba'in" kawai, mace za ta iya tako ƙafa ta je a ranar, a ce mata ta koma sai wani satin, kuma wadda aka mayar sau ɗaya ba kasafai take dawowa ba. Abin da za ka sa a bakin 'yan wasa shi ne "arba'in da kwana biyu", ko "ranar rigakafi ta farko bayan an yi arba'in da kwana biyu". Tazarar da ke tsakanin allurai uku na Fenta sati huɗu ce, kuma wannan ma yana da ma'auninsa na gida: Juma'a huɗu, ko cin kasuwa huɗu a garin da kasuwarsa ke ci sati-sati. Ni na fi son Juma'a, domin akwai kasuwannin da ke ci sau biyu a sati, sai lissafi ya rikice.

Abu na biyu da za ka yanke kafin rubutu shi ne wanda kake yi wa magana. Yawancin bidiyon rigakafi suna fuskantar uwa, suna ce mata ta kai ɗanta asibiti, alhali a gidaje da yawa ba ita ke da izinin fita ba, ba ita ke da kuɗin mota ba, kuma in haihuwar fari ce wataƙila ma tana gidan iyayenta wanka, inda maganar mahaifiyarta ce ke aiki. Masu yanke hukunci su ne miji da uwar miji. Saboda haka dole su fito a labarin, kuma su fito da mutuncinsu. Kada ka yi tsohuwa jahila mai taurin kai wadda 'yar boko za ta zo ta kunyata. Tsohuwar da ke kallo za ta ga kanta a ciki, kuma ba za ta yafe maka ba. Ka ba ta tambaya mai ma'ana, ka bari a amsa mata cikin ladabi, sannan ka bari ita ce za ta ɗauki maganar ta riƙe a ƙarshe.

Ga misalin yadda zan rubuta shi. Mutum huɗu ne, wuri biyu, tsakar gida da asibitin ƙauye.

Fitowa ta farko. Tsakar gida da hantsi. An kife babbar tukunyar wankan jego a gefe, murhu ya mutu. Hadiza ta yi kwalliya tana saɓa goyo. Iya na zaune a kan tabarma tana tsince wake.

Iya: An yi arba'in lafiya, sai yawo. Gidanku za a fara?

Hadiza: A'a Iya, Malam ya ce asibiti za mu fara. Allurar ɗan nan ta zo.

Iya: Wace allura kuma? Ba an yi masa ba tun kafin suna?

Malam Sani, yana fitowa daga ɗaki yana gyara hula: An yi, Iya. Waccan ta haihuwa ce. Yau arba'in da kwana biyu, ta biyu ke nan.

Iya: Ni dai zazzaɓin nan nake gudu. Jikan maƙwabta da aka yi wa, kwana ya yi yana tsala kuka.

Malam Sani: To Iya, ki daure mu je tare, ki tambaye su da bakinki.

Fitowa ta biyu. Asibitin ƙauye, mata a kan benci da goyo. Ma'aikaciyar lafiya ta russuna ta gai da Iya, ta karɓi katin yaro.

Iya: 'Yar nan, ki gaya mini gaskiya. Allurar nan tana sa zazzaɓi?

Ma'aikaciya: Tana iya sawa, Iya. Wani yaron jikinsa zai yi zafi, cinyar ta ɗan kumbura, ya yi ta rigima. Kwana ɗaya ne ko biyu, ya wuce.

Iya: To in ya yi, me za mu yi masa?

Ma'aikaciya: A yi ta ba shi nono. A rage masa kaya. A sa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a wurin allurar, kada a murza, kada a gasa. In kuwa ya ƙi kama nono, ko ya yi jijjiga, ko numfashinsa ya canza, ko zafin ya wuce kwana biyu, ku kawo shi nan take, ko da dare ne.

Iya: Nawa za mu biya?

Ma'aikaciya: Ko sisi. Ku dawo bayan Juma'a huɗu, ranar Talata, da katin nan.

Fitowa ta uku. Dare, hasken tocila. Jariri na kuka, Hadiza ta taɓa goshinsa ta dubi Iya a tsorace.

Iya, ta taɓa shi ita ma: Shi ne wanda aka gaya mana. Cire masa hular nan, ki ba shi nono.

Fitowa ta huɗu. Safiya. Yaro na tsotso, ya yi lamo. Iya ta ɗauko katin daga cikin kwalla, ta sa shi a leda.

Iya: Juma'a huɗu aka ce ko? Ni zan riƙa ƙirgawa.

Murya daga baya, ana nuna hannu ana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya: Ranar haihuwa. Arba'in da kwana biyu. Bayan Juma'a huɗu. Bayan wata Juma'a huɗu. Sai wata tara. Zuwa biyar kafin yaro ya shekara, da guda ɗaya in ya shekara da wata uku. Kyauta ne a asibitin gwamnati. In kun makara, ku je, za a ɗora daga inda aka tsaya.

Shi ke nan rubutun. Ka karanta shi da ƙarfi kana duba agogo, tare da barin sarari don tafiya da shiru da kukan jariri, za ka ga bai kai minti uku ba. In ya wuce haka, ka rage magana, kada ka sa 'yan wasa su yi sauri. Talatar da ma'aikaciya ta ambata misali ce; a kowane yanki sai a sa ainihin ranar asibitinsu, kuma ya fi sauƙi ka ɗauki wannan jimla sau da yawa da ranaku daban-daban a zama ɗaya fiye da ka sake tara mutane daga baya.

Fitowa ta uku ita ce zuciyar aikin, kuma ita ce wadda masu ba da kwangila suka fi son a cire. Za su ce maka kada a nuna yaro yana kuka bayan allura, za a tsorata mutane. Ka tsaya a kan bakanka. Mutanen ƙauye sun riga sun san allura na sa zazzaɓi, sun gani a gidajensu. In bidiyonka ya nuna jariri yana dariya daga asibiti har gida, daren farko da nasu ya yi zafi sun kama ka da ƙarya, kuma duk sauran abin da ka faɗa ya bi ruwa. In kuwa ka riga ka faɗa, zazzaɓin ya zo kamar yadda aka ce, ya tafi kamar yadda aka ce, to shi kansa zazzaɓin ya zama shaidar cewa ma'aikaciyar nan mai gaskiya ce. Ka lura kuma da wadda na ba jimlar kwantar da hankali. Iya ce, wadda ta fara da shakka. Da ma'aikaciya ce ta sake fitowa ta faɗa, da ya koma talla.

Akwai abubuwan da na bari da gangan. Ban sa an ambaci farasitamol da yawan da za a ba jariri ba. Ma'aikatan lafiya kan ba da shi ko su faɗi yadda za a ba da shi gwargwadon nauyin yaro, amma bidiyo ba ya ganin yaron da ke gabansa, kuma cokalin wannan gida ba girmansa ɗaya da na wancan ba. In jami'in lafiya ya nace a sa, iyakar abin da za a ce shi ne "maganin da aka ba ku a asibiti, yadda aka gaya muku". Alamomin haɗari kuwa na tsaya a kan huɗu, kuma kowace aba ce da ido ke gani ko hannu ke ji. Kada ka sa ma'aikaciya ta ambaci ma'aunin zafi da lambobi, babu wanda ke da abin awon a ɗakinsa.

Haka kuma ban sa kowa ya furta jita-jitar nan ta hana haihuwa ba. Ya kamata kai ka san tarihinta. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau, wasu suka mutu, wasu suka nakasa, aka yi shekaru ana shari'a. Wannan magani ne aka gwada, ba rigakafi ba, amma tabon ya shafi duk wani abu da ya zo da allura. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a wasu jihohin Arewa saboda zargin an gurɓata shi, Kano ba ta koma ba sai a 2004, kuma cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe a tsakanin. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, bayan an ga ta ƙarshe a Borno a 2016. Duk dattijon da ke kallon bidiyonka ya rayu cikin wannan zamani, shakkarsa tana da asali. Amma in ka sa ɗan wasa ya ce "an ce tana hana haihuwa" sannan wani ya ƙaryata, mai kallon da ya ji rabin maganar yana wucewa, ko wanda aka tura wa guntun bidiyon, zargin zai riƙe ya bar amsar. Wannan magana ta zaure ce, inda limami ko mai unguwa ko ungozoma za su zauna da mutum ido da ido. Abin da bidiyo zai iya yi shi ne ya nuna ba tare da ya faɗa ba: a kan bencin asibiti ka zaunar da mace mai goyo da tsohon ciki da yara biyu a gefenta, katunansu a hannunta.

Jimlar ƙarshe ta muryar baya, wadda ta ce za a ɗora daga inda aka tsaya, kada ka yarda a yanke ta don rage tsawo. Mata da yawa da suka tsallake rana ɗaya saboda damina ko biki ko rashin lafiya suna ɗauka sun ɓata lissafin gaba ɗaya, ko suna jin tsoron faɗan ma'aikata. Gaskiyar ita ce ba a sake farawa daga farko. Yaron da ya sha Fenta ta ɗaya ya makara wata biyu, ta biyu za a yi masa. Haka ma 'yar mura ko ɗan tari ba sa hana allura, ma'aikaci ne zai duba ya yanke. In kana da sarari, wannan ya isa bidiyo na biyu mai zaman kansa.

Maganar kyauta tana buƙatar taka-tsantsan. Rigakafin yara kyauta ne a asibitocin gwamnati, wannan haka yake. Amma ka tambaya a yankin ko ana karɓar wani abu da sunan kati ko safar hannu. In ana yi, ka sanar da waɗanda suka ba ka aikin su gyara kafin bidiyon ya fita, domin kai za ka ce ko sisi, mace ta je a ce ta kawo kuɗi, kuma bidiyon za a kira maƙaryaci. Irin wannan ne da allurar ƙyanda da BCG: kwalba ɗaya ta yara da yawa ce, kuma in an haɗa ta da ruwanta sai a zubar da ragowar bayan awa shida, shi ya sa ƙananan asibitoci kan ware musu rana. Kada rubutunka ya ce "ku je kowace rana" sai ka tabbatar haka ne a wurin.

Sai batun ido da kunne. Ƙa'idar da nake bi ita ce duk abin da ke da muhimmanci a faɗe shi da baki, kuma a nuna shi da hoto, kada a rubuta shi. Rubutu a ƙasan allo, jadawali mai layuka, taswira, kibiya, alamar daidai da ta kuskure, duk waɗannan sai wanda ya zauna a aji yake karanta su. Hatta zanen ƙwayar cuta da aka ƙara wa girma tana yawo a cikin jini yakan rikitar. Za ka ji mai kallo ya ce su ba su da irin wannan ƙwaro a garinsu. Yatsun hannu, kati, tukunyar wanka, cinyar jariri, waɗannan kowa ya san su. In dole sai an sa rubutu, misali sunan asibiti, ka tuna cewa da yawa daga waɗanda ake cewa ba su iya karatu ba sun yi makarantar allo kuma suna karanta ajami, sai ka sa shi da boko da ajami, a kuma furta shi. Katin kuwa ka nuna shi kusa, ainihin irin wanda ake bayarwa a jihar, har a ga launinsa, don mace ta gane shi a cikin kayanta.

Wurin allurar kansa, kada ka kusanto da kyamara kan tsinin yana shiga fata. Ka ɗauka daga bayan kafaɗar uwa: a ga an buɗe sabon sirinji daga ledarsa, a ga cinyar da za a yi a kai, sannan ka koma kan fuskar Iya. Buɗe sabon sirinjin a gaban ido yana amsa wata tambayar da mutane ke da ita ba tare da an ɓata kalma ko ɗaya ba. Kuma kada a yi wa jariri allura don kyamara. Ko ka ɗauki wanda ranarsa ta zo da yardar iyayensa, ko ka yi dabarar ɗauka yadda ba a taɓa shi ba.

Ka gwada rufe ido ka saurari bidiyon. In labarin ya fita da kunne kaɗai, ka yi daidai, domin yawancin masu kallonka a ƙaramar waya za su gan shi, mutum biyar sun sunkuya a kan allo ɗaya, wasu ma daga bayan ɗaki suke ji suna aiki. Wannan ya sa sauti ya fi hoto muhimmanci. Ka sa makirfo kusa da bakin mai magana, ka kashe kiɗa duk lokacin da ake magana, musamman inda ma'aikaciya ke faɗin alamomin haɗari. Ribar wannan ita ce sautin kaɗai zai iya tafiya gidan rediyo ba tare da an sake rubutu ba, kuma rediyo har yanzu ya fi bidiyo shiga lungu a ƙauyukanmu. Ka kuma fitar da kwafi mara nauyi wanda zai wuce ta WhatsApp da Xender, a kai wa masu cajin waya da masu tura finafinai a kasuwannin ƙauye, don ta hannunsu abubuwa ke yawo.

Harshen 'yan wasa ma abin dubawa ne. Hausar labaran rediyo daban, ta tsakar gida daban. "Kariya daga cututtuka masu saurin yaɗuwa" ba maganar da Iya za ta yi ba ce. A wani wurin ƙyanda ake cewa, a wani baƙon dauro. Ka tambayi matan garin abin da suke kira, ka bi nasu. Ka kiyaye alkunya: Hadiza ba za ta kira sunan mijinta ba, kuma in ɗan fari ne ba za ta kama sunansa a gaban surukarta ba, shi ya sa na sa ta ce "ɗan nan". Ƙaramin kuskure a nan yakan sa mata su fashe da dariya, daga nan kuma hankalinsu ya bar saƙon. Kaduna kuma ba gari ɗaya ba ce. Abin da ya zauna daidai a ƙauyukan Giwa ko Soba ko Makarfi ba lallai ya zauna a wajen Kachia ko Zangon Kataf ba, inda masu kallo da yawa Kirista ne, Hausa kuma harshen kasuwa ce gare su. Can sai ka sake sutura da sunaye, Juma'a huɗu ta koma Lahadi huɗu, ka kuma tambaya ko arba'in na da irin wannan matsayi a wurinsu kafin ka jingina labarin a kanta. Rugagen Fulani ma gara a ɗora musu murya da Fulfulde.

Wasu za su ba ka shawarar ka sa malami ko basarake ya yi jawabi. Yana da amfani in mutanen yankin sun san shi kuma suna jin maganarsa, amma ka ba shi jimla biyu a ƙarshe, kada ya cinye labarin. In za a kawo hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, malamin ne zai faɗa da bakinsa, kada ka sa shi a bakin ɗan wasa. Tambarin hukumomi da na masu ba da tallafi kuwa a bar su can ƙarshe, ƙanana. Bidiyon da ya buɗe da jerin tambura na waje ya riga ya gaya wa mai shakka abin da yake nema ya ji.

Kafin ka kashe kuɗin ɗauka, ka gwada rubutun. Ka sa mutum huɗu su karanta shi a waya kamar wasan rediyo, ka kai ƙauye irin wanda ake nufi, ka kunna wa mata daban, maza daban, tsofaffi mata daban, don matan aure ba za su saki baki a gaban surukai ba. Wurin mata ka tura mace. Kada a tambaye su ko ya yi kyau, kowa zai ce ya yi kyau saboda kara. A ce su ba da labarin abin da suka ji, sannan a yi musu tambaya uku: yaushe za a kai yaro, me za a yi in jikinsa ya yi zafi, yaushe za a koma. In aka ce "ranar arba'in" aka manta kwana biyun, sai ka sa a maimaita shi a bakin mutum na biyu. In aka ce "allura na sa jijjiga", to jerin alamomin haɗari ya fi sauran ƙarfi, sai ka sa ma'aikaciya ta fara da cewa ba kasafai ake ganin haka ba. In maza suka ce wannan zancen mata ne, ka ƙara wa Malam Sani aiki, misali a gan shi yana miƙa kuɗin mota ko yana riƙe da katin a bakin asibiti. Bayan gyara ka sake kai shi wani ƙauyen da bai ji na farko ba, domin waɗanda suka riga suka saurara sun san amsar.